Kafin ka saka `cron`, ka karanta sharuɗɗan Open-Meteo tukuna

"Maigida, dashbod ɗin ruwan sama na jihar Damagaram ya kusa ƙarewa. Garuruwa 40 na saka, ina so `cron`, mai tayar da sikirif a lokacin da aka saka masa, ya riƙa ɗauko hasashe daga shafin bayanan yanayi na Open-Meteo kowane minti 5, kuma ai kyauta ne ko makulli ba sa tambaya. In kunna kawai?"

Yaro dakata, kar ka kunna yau. Ƙofa a buɗe ba ta nufin ka shiga da amalanke ka kwashe, kuma ko sun yarda ka ɗauka don kanka to baza shi a gaban jama'a wata magana ce daban, ita ma sai ka ga inda suka rubuta ta.

Ɗauki biro mu yi lissafi. Minti 5 a yini ɗaya sau 288 ke nan, ka ninka da garuruwanka 40 ya ba ka kira 11,520, su kuma a shafinsu na `Terms` sun ce na kyauta kar ya kai 10,000 a rana, 5,000 a awa, 600 a minti. Ka ga tun ranar farko ka tsallake iyaka. Kuma suna da wata ƙa'ida da yara ba sa lura, in ka nemi abubuwa sama da 10 a kira guda ko ka nemi kwanaki fiye da sati 2 to ba kira ɗaya za su lissafa maka ba, saboda haka lissafin naka ma yana iya fin haka. To don Allah me kake nema kowane minti 5? Hasashen da kansa ba ya sakewa da wannan saurin, abu ɗaya za ka yi ta jidowa kana ƙona mega. Mai da shi awa awa, kira 960 ke nan, manomin Magarya ko na Tanut babu abin da ya rasa.

Sannan ka duba mini abu ɗaya, sabarka ce ke kira ta ajiye a fayil ko kuwa kowane baƙo da ya buɗe shafin sai an yi sabon kira? In na biyun ne to ranar da aka tura link ɗin a guruf na WhatsApp da farkon damina ba kai ke riƙe da adadin ba kuma. Ka ɗauko sau ɗaya, ka ajiye, kowa ya karanta daga wurinka.

Amma inda na fi jin tsoro ba adadin ba ne, kalmar `non-commercial` ce. Na kyautar nan don abin da ba kasuwanci ba ne, kuma a wurinsu shafin da ke ɗauke da talla ko ake biyan kuɗin shiga kasuwanci ne. Rannan ai na ji kana cewa mai shagon takin nan zai ba ka wani abu ka liƙa hoton shagonsa a sama. In ka liƙa ka fita daga na kyauta, sai dai ka biya nasu tsarin ko ka haƙura da tallan, zaɓi ɗaya kafin ka kunna. Bayanan kansu lasisin `CC BY 4.0` ne, wato ka nuna wa duniya babu laifi, sai dai dole ka rubuta sunansu da link kusa da inda alƙaluman suke, a inda ido zai gani.

Ni ma na taɓa ci da zuci, wani wuri ne daban ba zan kira suna ba, ban karanta komai ba na saki sikirif ɗina yana ta buga musu ƙofa. Suka fara maido mini da `429`, ma'ana ka rage, ni ko ban saka abin da zai sanar da ni ba, sikirif ɗin ma sake gwadawa yake nan take. Daga baya ya koma `403`, sun toshe adireshin buro ɗinmu gaba ɗaya har waɗanda ba ruwansu. Abin kunyar shi ne dashbod ɗin bai nuna wata alama ba, tsofaffin alƙaluma yake ta nunawa kamar na yau, sai da wani ya bugo waya ya ce an yi ruwa a Miriya jiya mu kuma shafinmu na cewa ko ɗigo. Don haka ka saka ranar da awar ɗauka ta ƙarshe a fili a kan shafin, kuma in ka ga `429` sikirif ya tsaya ya jira awa ta gaba.

Sharuɗɗan suna sakewa fa, abin da na faɗa maka ka je ka tabbatar da idonka, ka ajiye kwafin shafin a PDF da ranar yau a cikin jakar aikin, bayan wata 3 ka sake buɗewa ka kwatanta. In kuma za ka ƙara farashin gero daga HDX, rumbun bayanan masu aikin jin ƙai, kamar yadda ka ce, can kowane kundin bayanai da nasa lasisi, sai ka buɗe nasa ka karanta daban. Gobe bayan la'asar ka zo da kwamfutar mu gyara layin `cron` ɗin tare.