Amsoshin Tambayoyinku: Manhajar Tsamo Kwallaye Daga Bidiyon Wasa

Tambaya: Malam, ina ɗaukar wasannin gasar unguwa da kyamara ɗaya. Na ga tallar manhajar da ake biya duk wata da dala, wai ita ke tsamo ƙwallayen da aka ci da kanta. In biya? — Mai ɗaukar bidiyo, Zariya

Dakata tukuna, ɗan'uwa. Wata sananniyar hanya a irin wannan aiki alama biyu take bi. Ta farko ihun 'yan kallo: inda amo ya tashi farat ɗaya ya ɗan daɗe, sai ta ce wani abu ya faru. Ta biyu sauyin hoto: a wasan talabijin, da an ci ƙwallo sai a nuno fuskar ɗan wasa, a nuno koci, a nuno 'yan kallo, a maimaita ƙwallon, hoto ya yi ta canzawa a kusa da kusa. Kai kyamara ɗaya gare ka, ba mai yanka hoto, don haka alama ta biyu babu ita a bidiyonka. Saura sauti kaɗai, shi kuwa kana iya auna shi kyauta da ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da sauti da ake rubuta wa umarni:

```
ffmpeg -i wasa.mp4 -vn -af highpass=f=200,ebur128 -f null - 2> sauti.txt
```

Sashen highpass yana rage gurnanin iska. Shi kuma ebur128 yana rubuta ƙarfin sauti sau 10 a kowace daƙiƙa, za ka same shi a fayil ɗin sauti.txt. Ka bi lambar da ke gaban S, domin ita matsakaicin daƙiƙa 3 ce, busa usur ko tarin wani na kusa da kai ba sa ɗaga ta sosai. Lambobin ƙasa da sifili suke, wato -16 ta fi -28 ƙara.

A ce wasanka na minti 90 yawancinsa a -28 yake zaune. Sai ka sa iyaka a -20, ka ɗauki duk inda ya haura ta. Wurare biyu da tsakaninsu bai kai daƙiƙa 30 ba, ka haɗe su, ihu ɗaya ne. Wataƙila ka tashi da wurare ashirin da wani abu: ƙwallaye, wadda ta bugi ƙarfe, gardama da alƙalin wasa, da lokacin da babban baƙo ya iso. Idan sun kai 60 ka ɗaga iyakar, idan ba su wuce 5 ba ka sauke ta.

Kuskuren da ya fi yawa a wurin yanka yake. Ihu bayan ƙwallo yake zuwa, ma'aunin ma sai ya ɗan makara. Idan amo ya haura a 41:25, ka fara daga 41:10 don a ga yadda aka shirya ƙwallon:

```
ffmpeg -ss 00:41:10 -i wasa.mp4 -t 30 -c copy gol1.mp4
```

Da -c copy aikin yana da sauri, amma farkon guntun kan ɗan goce daga inda ka nufa. Idan hakan ya dame ka, cire shi, a sake sarrafa guntun.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai kafa kyamara dab da lasifikar mai gabatarwa, ko kusa da masu ganga, sannan ya nemi manhajar dala ta gyara masa. Ba za ta gyara ba. Duk lokacin da mai gabatarwa ya buɗe baki yana gaishe da Alhaji wane, ma'auni zai ce an ci ƙwallo. Banda wannan, wayoyi da ƙananan kyamarori da yawa suna daidaita ƙarar sauti da kansu: wuri ya yi tsit su ɗaga, an yi ihu su danne. Wannan dabara ta dace da hira, amma a nan ita ke share tazarar da muke nema. Gane ta ba wuya. Buɗe sautin a manhajar gyaran sauti ta Audacity. Idan ka ga zanen ya tafi da kauri ɗaya kamar katako daga farko har ƙarshe, an riga an danne shi, kuma ba manhajar da za ta dawo da abin da ba a ɗauka ba. Idan kyamararka tana ba da dama, mayar da ƙarar sauti ta hannu, ka saita ta yadda hayaniyar da aka saba ke ƙasa sosai, ihu ya sami wurin hawa ba tare da ya fashe ba. Makirfon ya fuskanci 'yan kallo, ya ba lasifika baya, a sa masa rigar gashin nan mai tare iska, musamman da hunturu. Kuɗin wata ɗaya ko biyu na waccan manhaja ya fi amfani a nan. Kuma in za ka sayi makirfo, ka gwada shi a shagon: yi magana a hankali, sannan ka tafa da ƙarfi, ka saurara da abin kunne. Jabu sun cika kasuwa, kwali mai kyau, ciki ba komai.

Abu ɗaya da sauti ba zai taɓa ba ka ba shi ne ƙwallon baƙi. In sun ci, fili kan yi tsit. Ka riƙe takarda, ka rubuta mintin duk ƙwallon da ta shiga.

Tambaya: Ni dambe nake ɗauka. Hanyar ihu za ta yi mini? — Daga Gusau

Da ƙyar. Kalangu da waƙa ba sa tsayawa, kuma kirarin da ake yi kafin a shiga kan kai kisan kansa ƙara. Kada ka sa iyaka ɗaya ga yini duka. Kwatanta kowane lokaci da matsakaicin minti ɗaya da ya gabace shi, ka ɗauki inda ya yi tsalle. Turmi gajere ne, don haka daƙiƙa 8 zuwa 10 kafin ihu sun isa. Duk da haka sai ka duba da ido.

Tambaya: Wace manhaja ce zan zuba wa wasa ta fito da shi tsaf, ba sai na kalla ba? — Daga Kaduna

Babu. Aikin awa biyu take mayarwa na minti 15, ba ta ɗauke maka shi. Wanda ya tura wa masu gasa bidiyo bai kalla ba, ranar da ƙwallon nasara ta ɓace shi zai yi bayani.

Tambaya: Na haɗa kyamara uku a taron yaye ɗalibai, awa huɗu. Na gwada neman sauyin hoto, ya fito mini da ɗaruruwa. Jibi zan miƙa aiki, hankalina ya tashi. — 'Yar'uwarku, Maraɗi

Kwantar da hankalinki, Hajiya, bidiyonki lafiya yake. Walƙiyar masu hoto, juya kyamara da sauri, da mutanen da ke gilmawa ta gaba duk suna yi wa ma'aunin kama da yankan hoto. Ki gwada wannan:

```
ffmpeg -i taro.mp4 -an -vf "select='gt(scene,0.4)',showinfo" -f null - 2> sauyi.txt
```

Makin daga 0 zuwa 1 yake. Idan 0.3 kika sa, shi ya jawo yawan. Ki hau 0.4 ko 0.45. Lokacin kowane sauyi yana gaban pts_time a fayil ɗin sauyi.txt, a daƙiƙa. In kina da manhajar gano sauyin hoto ta PySceneDetect, umarninta na detect-adaptive ya fi detect-content jure motsin kyamara.

Amma kada ki dogara da sauyin hoto shi kaɗai. Ki auna sauti kamar yadda na nuna wa ɗan'uwanmu na Zariya, ki fara da wuraren da tafi ko guɗa suka tashi, sai ki yi amfani da jerin sauyin wajen zaɓen bakin yanka: fara guntu a sauyin da ya gabaci tafin, ƙare a wanda ya biyo bayan lafawarsa, don kada ki katse mutum a tsakiyar magana. Addu'ar buɗe taro da jawabin shugaban makaranta ba su da ihu, waɗannan ki nemo su da hannu daga takardar shirin taron. Yini ɗaya ya ishe ki.