An ce ɗiyata ta samu burs ta Turkiyya, amma ana neman kuɗi

Tambaya daga wani uba a unguwar Birni, Damagaram: "Ɗiyata ta ci bak, ta cika takardun neman burs ta gwamnatin Turkiyya. Sai ga imel da tambari da sa hannu, wai an ɗauke ta. Mun aika jika 50 na dosiye. Yanzu sun ce mu ƙara jika 200 cikin kwana biyu ko a ba wani gurbin. Ina mafita?"

Malam, kada ka ƙara ko dala. Shirin Türkiye Bursları ba ya karɓar kuɗi wajen nema, kuma ba ya sayar da gurbi bayan ya zaɓi ɗalibi. Neman kuɗi ta lambar wani mutum, haɗe da wa'adin kwana biyu, ya isa ya sa na ɗauki saƙon a matsayin na damfara har sai an nuna mini akasin haka. Tambari da sa hannu kuwa ba hujja ba ne, kowa na iya kwafo su.

Ga yadda za ku tabbatar. Kada ku taɓa mahaɗin da ke cikin saƙon, kada ku kira lambar da ke ƙasansa, domin wanda ya rubuta ƙaryar shi ne zai amsa ya ce gaskiya ce. Ɗiyarka ta rubuta `turkiyeburslari.gov.tr` da hannunta, ta shiga asusun da ta cika takardunta a ciki. Idan an ɗauke ta, a nan za ta gani. Ka kuma tambaye ta: an kira ta ganawar tantancewa? A wannan shiri ana tattaunawa da waɗanda suka tsallake zagayen farko kafin sakamakon ƙarshe, don haka takardar nasara da ta zo ba tare da ganawa ba abin tuhuma ce.

Sannan ku duba adireshin mai aikowa gaba ɗayansa, kada ku tsaya ga sunan da ya fito a sama. Hukumomin gwamnatin Turkiyya suna ƙarewa da `.gov.tr`, jami'o'inta da `.edu.tr`. In kun ga `@gmail.com`, ko an sauya harafi ɗaya a sunan, magana ta ƙare. Sai dai ana iya ƙirƙirar adireshi ya fito daidai, saboda haka asusun nata ya fi adireshin ƙarfi. In shakka ta rage, ku kai takardar ofishin jakadancin Turkiyya a Yamai. Da a ce burs ce da ta biyo ta hannun gwamnatinmu, hukumar ANAB mai kula da burs ɗin ɗalibai za ku tambaya.

Yanzu matsayinku a shari'a. Kai da ɗiyarka an cuce ku ne, ba ku yi laifi ba. Wanda ya yi amfani da sunan hukuma da takardar jabu ya karɓi kuɗi ya aikata zamba da ƙirƙirar takarda, duka biyun dokar manyan laifuka ta Nijar ta tanadi hukuncinsu, ga kuma doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet. Amma akwai wurin da nake jin tsoro a kanku: amfani da takardar jabu bayan mutum ya san jabu ce laifi ne mai zaman kansa. Tunda kun fara zargi, kada wannan takarda ta shiga dosiyen biza ko na banki da sunan "a gwada sa'a". Yarinyar ce za ta ɗauki nauyin, kuma hana biza saboda takardar jabu na iya bin ta shekaru.

Yau ɗin nan ku je kamfanin da kuka aika kuɗin da rasit ɗinku. In ba a karɓa ba tukuna, ku nemi a tsayar. In an karɓa, kamfanin yana da bayanan wanda ya karɓa. Ku ba zai ba ku su ba, amma zai ba masu bincike idan shari'a ta nema. Kada ku goge komai: imel ɗin, hirar WhatsApp, lambobin waya, rasit. Ku ɗauki hotonsu da kwanan wata a jiki, ku buga a takarda.

Da waɗannan za ka kai ƙara komisariya ko jandarma, ko ka rubuta kai tsaye ga mai shigar da ƙara na gwamnati a babbar kotun Damagaram. Ka bayyana cewa kana neman diyya, domin in an gurfanar da mutumin kotu ta umarce shi ya mayar da kuɗinka. Ba zan ɓoye maka ba, in mai karɓar yana ƙasar waje dawo da jika 50 zai yi wuya. In cikin Nijar ya karɓa da katin shaidarsa, akwai fata.

Idan kun tura musu hoton fasfo ko takardar bak, ka sa a rubuta hakan a cikin ƙarar, ka riƙe shaidar shigar da ƙarar, saboda ranar da za a yi wata cuta da sunan ɗiyarka. Ita kuma ta canza kalmar sirrin imel ɗinta da ta asusun neman burs tun kafin dare.