Wa'adin rangwame: idan ka ce ya ƙare, to ya ƙare

Tambaya: Ina sayar da kaya ta intanet. Kowane ƙarshen shekara nakan yi rangwame, amma mutane ba sa motsi sai na ce kaya sun kusa ƙarewa. Wani mai koyar da talla ya ce in riƙa rubuta "saura biyar" ko da akwai da yawa, kuma in sa agogon ƙidayar wa'adin rangwame da ke komawa farko idan ya ƙare. Hankalina bai kwanta ba. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, wannan mai koyarwa ya ba ka guba. Kullum ina haɗuwa da masu cewa ƙaryar "saura biyar" dabarar kasuwa ce kawai, ba ta cutar da kowa, kuma na gaji da jin ta. Wanda ya saya jiya cikin gaggawa zai dawo gobe ya tarar har yanzu saura biyar, agogon kuma ya sake farawa daga awa 24. Daga ranar ya gane farashin rangwamen shi ne ainihin farashinka, ba zai ƙara biyan cikakken kuɗi ba, sai dai ya zauna yana jiran ka sauko. Alamun suna fitowa a littafinka: ciniki ya mutu tsakanin rangwame da rangwame, masu dawo da kaya su ƙaru, domin sun saya ne don tsoro ba don buƙata ba. Doka ma ba ta ƙyale wannan ƙarya ba. Dokar Tarayyar Turai ta 2005 kan cinikin rashin adalci ta haramta a yi ƙaryar cewa kaya na ɗan lokaci ne don a tursasa wa mai saye ya yanke shawara nan take.

Ƙarancin kaya na gaskiya kana da shi, ka neme shi. A ce ka sayo guda 200, ka ware 60 don rangwame saboda iyakar abin da ribarka za ta ɗauka ke nan. To rubuta haka: guda 60, daga Litinin zuwa Juma'a ƙarfe 10 na dare, ko har su ƙare. Adadin da ke shafinka ya riƙa sauka daidai da abin da ya fita. Wa'adin ma ka faɗi dalilinsa, misali ita ce ranar ƙarshe da kaya za su isa hannun mai saye kafin biki.

Wahalar tana zuwa ne daren Juma'a, idan 22 suka rage. Zuciya za ta ce ka ƙara kwana uku. Kada ka ƙara. Mayar da farashi yadda yake da safiyar Asabar, ko da wani ya yi ta roƙo, domin mutum 38 da suka saya a kan lokaci sun yarda da maganarka ne. Ragowar 22 ɗin kuwa suna gaya maka cewa badi 40 za ka ware.