Gyaran fuskar amarya a hoto: ina ne iyaka?

Tambaya: Malam, ina ɗaukar hotunan biki. Amare kan ce in ƙara musu hasken fata, in siranta hanci. Har ina zan gyara ba tare da na shiga ƙarya ba?

Amsa: Ƙanena, ma'aunin da nake aiki da shi shi ne mako biyu. Duk abin da zai ɓace da kansa cikin mako biyu, goge shi: ƙurji, ƙyallin gumi, janbakin da ya taɓa haƙori. Abin da zai zauna kuwa na mai fuskar ne. Wushirya, tsagar gado, faɗin hanci da launin fata ba naka ba ne.

Ga misali. An kawo min hoton wata amarya baƙa, an ɗauke ta a zauren taro mai ƙarancin fitila. Na fara ƙara hasken hoton gaba ɗaya, har farin leshinta ya koma fari. Wannan gyaran kuskuren kyamara ne. Da a ce fuskar kaɗai na ware na haskaka, to bilicin na yi mata da kwamfuta, kuma wuya da yatsun da aka yi wa lalle za su tona ni, don ba za su dace da fuskar ba. Ƙuraje biyu na goshi na cire su da Healing Brush na Photoshop. Duhun ƙarƙashin ido, na gajiyar kwanakin biki, na rage shi a wani layer daban, na tsayar da Opacity wajen kashi 30 zuwa 40. In ka share shi duka, idon zai zama kamar an manna shi. Liquify, mai sauya siffar fuska, ban ko buɗe shi ba.

Kafin ka miƙa aiki, ja hoton zuwa 100%. In ba ka ganin ƙananan ramukan fata a kumatu, ka wuce gona da iri. Sai ka kashe gyaran ka kunna: haske da tsafta ya kamata su sauya, kamannin su tsaya cak.

Illar sauya kamanni takan biyo baya. Hoton yana rataye a ɗakin amarya, madubi na gefe, kullum tana gwada fuskarta da wadda ba ta taɓa yi ba, wata ma daga nan take neman man shafawa. Saboda irin wannan ne Norway, tun Yulin 2022, ta wajabta sa alama a tallan da aka sauya surar jiki ko fata a cikinsa.

In amarya ta nace, nakan nuna mata gyara mai sauƙin tukuna, in tambaye ta wanne take so 'ya'yanta su gani. Hoton fasfo kuwa, ko ƙurjin ma bar shi.