Yadda nake tantance rubutu bayan an sake rubuta shi

Tambaya: "Assalamu alaikum. Na sake rubuta rahoton ƙungiyarmu ta mata don ya yi sauƙin karantawa. Yaya zan tabbatar ban canza wani abu ba kafin in miƙa wa shugaba?"

Wa alaikumus salam, Malama. Na daɗe ina gyaran rahotannin ƙungiyoyi a nan Kaduna, kuma abin da na lura shi ne, karanta sabon rubutun shi kaɗai ba ya kama komai. Ke kika rubuta shi, don haka duk inda kika duba daidai za ki gani. Dole ki ajiye su biyun gefe da gefe.

Ki ɗauki na asalin, ki ja layi da biro ƙarƙashin kowane suna, lamba, kwanan wata da wanda ya faɗi magana. Sai ki nemo su ɗaya bayan ɗaya a cikin sabon. Wannan zai nuna miki abin da ya ɓace. Daga nan ki juya, ki fara daga sabon: kowace jimla, ina take a asali? Wannan zagaye na biyu shi aka fi tsallakewa, alhali shi ke tona abin da hannu ya ƙara.

Ga misali. A ce asalin ya ce: "Shugaba ta ce aƙalla mata 120 daga Kauru da Kaduna ta Kudu za su karɓi jari idan aka saki kuɗin." Sabon kuma ya ce: "Mata 120 daga Kaura da Kudancin Kaduna sun samu jari." Lambar tana nan, sai mutum ya ɗauka lafiya lau. Amma Kauru da Kaura ƙananan hukumomi biyu ne daban cikin 23 na jihar nan, Kauru tana maƙwabtaka da Lere, Kaura kuma can wajen Kagoro. Kaduna ta Kudu ƙaramar hukuma ce a cikin gari, su Kakuri da Makera, Kudancin Kaduna kuwa yanki ne guda, har su Kafanchan. Kalmar "aƙalla" ta ɓace. Maganar shugaba ta zama taki. Mafi muni, alƙawari mai sharaɗi ya koma abin da an riga an yi, kuma gobe mata za su zo suna tambayar ina rabonsu. Wallahi irin wannan kan haddasa rigima a ƙungiya.

Lambobin kuɗi kuwa, ki samu wata ta riƙe asalin, ke kina karanta sabon da ƙarfi, kuma ku sake haɗa jimillar da kalkuleta.

Idan kika ga kamar asalin ne da kansa ke da kuskure, kada ki gyara a ɓoye. Ki yi masa alama, ki tambayi sakatariyar da ta rubuta, ita ke da takardun. Allah Ya taimaka.