Da'irar da ta koma miƙaƙƙen layi: ina kuskuren yake?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa sauyi mai siffar f(z) = (az + b)/(cz + d) yana mayar da kowace da'ira da'ira. Na gwada da f(z) = 1/z a kan da'ira mai cibiya a 1 da rabin faɗi 1. Na ɗauki ɗigo uku, 2 da 1 + i da 1 − i, sai duk suka jeru a miƙaƙƙen layi. Ni na yi kuskure ko maganar ce ba daidai ba?

Amsa: Ɗan'uwa, lissafinka daidai yake. 2 ya koma 1/2, 1 + i ya koma (1 − i)/2, sannan 1 − i ya koma (1 + i)/2. Dukansu ɓangarensu na zahiri rabi ne, don haka suna kan layin da ya tsaya a tsaye a kan 1/2. Maganar ce aka gutsure maka ita. Cikakkiyarta ita ce: sauyin yana ɗaukar da'ira ko layi ya mayar da shi da'ira ko layi. Masana sun saba kiran su biyun da suna ɗaya, har sukan manta ba su gaya wa ɗalibi ba.

Ana jingina waɗannan sauye-sauye ga August Ferdinand Möbius, Bajamushen da ya rayu daga 1790 zuwa 1868, kuma sharaɗinsu ɗaya ne: kada ad − bc ya zama sifili. In ya zama sifili, kowane ɗigo wuri guda zai tafi, ka ga ba sauran zancen da'ira.

Hanyar da na fi so ita ce a kwance sauyin gunduwa-gunduwa. Idan c ba sifili ba ne, ana iya rubuta shi haka:

f(z) = a/c + (bc − ad) / (c(cz + d))

Haɗa ɓangarorin biyu da kanka, za ka ga tsohuwar siffar ta dawo. Yanzu bi abin da ke faruwa da z. An ninka shi da c, an ƙara d, an kifar da sakamakon, wato an raba 1 da shi, an sake ninkawa da wata lamba, an ƙara a/c. Ƙari gusar da fili ne gaba ɗaya zuwa wani gefe. Ninkawa kuwa juya filin ne tare da faɗaɗa shi ko tsuke shi. Faifai in ka tura shi, ka juya shi, ko ka sa a saƙa maka babba, faifai ne dai. Saboda haka mataki ɗaya kawai ke buƙatar hujja, shi ne 1/z. In c sifili ne ma, babu kifarwar sam.

A nan ya kamata mu zauna. Rubuta z = x + iy. Kowace da'ira da kowane layi suna shiga cikin fomula ɗaya:

A(x² + y²) + Bx + Cy + D = 0

Idan A sifili ne, layi ne. Idan ba sifili ba ne, da'ira ce. Shi kuma D, in sifili ne, to siffar ta ratsa ta kan ɗigon 0, domin x = 0 da y = 0 sun cika fomular. Riƙe waɗannan biyun.

Sai mu ce w = 1/z, kuma w = u + iv. Tunda z = 1/w, za ka samu x = u/(u² + v²), y = −v/(u² + v²), sannan x² + y² = 1/(u² + v²). Zuba su cikin fomular, ka ninka komai da u² + v². Ga abin da zai fito:

D(u² + v²) + Bu − Cv + A = 0

Fomular ba ta canja kama ba. A da D ne suka yi musayar kujera, C ya sauya alama. Hujjar ke nan dukanta. Abin da ke nuna ko siffa ta ratsa ta 0 ya koma shi ke yanke hukuncin ko sabuwar siffar layi ce ko da'ira.

Da'irarka ita ce x² + y² − 2x = 0. A ɗinta 1 ne, B shi ne −2, D kuma sifili, domin ta taɓa 0. Bayan musaya sai −2u + 1 = 0, wato u = 1/2, layin da ka gani. Dalilin a fili yake: ɗigon da ke dab da 0, in ka kifar da shi, can nesa ake jefa shi. Da kana bin da'irar kana kusantar 0 ta sama, sakamakon yana gangarawa ƙasa ba iyaka, in ta ƙasa ka biyo yana hawa sama. Shi ya sa ake ƙara wa filin ɗigo ɗaya, ∞, a ce 1/0 can ya tafi. In aka naɗe filin a jikin ƙwallo, abin da ake kira ƙwallon Riemann, ∞ shi ne ƙoƙon kansa, kuma kowane layi yakan zama da'irar da ta bi ta wannan ƙoƙon.

Matsar da da'irar kaɗan ka ga bambanci. Cibiya a 2, rabin faɗi 1: x² + y² − 4x + 3 = 0. Musaya ta ba da 3(u² + v²) − 4u + 1 = 0, da'ira mai cibiya a 2/3 da rabin faɗi 1/3. Mu gwada da 2 + i. Ya koma (2 − i)/5. Tazararsa da 2/3 a kwance 4/15 ce, a tsaye 3/15, nisan ya zama 5/15, wato 1/3 cif.

Ga kuma ramin da na fi ganin ɗalibai na faɗawa a takardar jarrabawa. Sukan kifar da cibiyar, su ce sabuwar cibiya 1/2 ce. Ba ita ba ce, 2/3 ce. Da'irar ta tafi da'ira, amma cibiya ba ta tafi cibiya ba, saboda 1/z ba ya matse fili daidai wa daida: abin da ya fi nisa da 0 ya fi shan matsa. Dubi 1, 2, 3, tazararsu ɗaya. Sun koma 1, 1/2, 1/3. Rabin farko ya ci 1/2, na biyu bai samu komai ba sai 1/6.

Don haka kafin ka taɓa alƙalami a kowace tambaya da c ɗinta ba sifili ba ne, nemi inda ƙasan ya zama sifili, wato z = −d/c. Idan yana kan siffar da aka ba ka, layi za ka samu. Idan ba ya kanta, da'ira. Ɗauki f(z) = (z − 1)/(z + 1) da da'irar |z| = 1. Ƙasan yana mutuwa a −1, kuma −1 yana kan da'irar, ka san amsa layi ce tun ba ka fara ba. Ɗigo biyu sun ishe ka: 1 ya tafi 0, i ya tafi i. Layin tsaye ne da ya ratsa 0. In da'ira kake tsammani, ɗigo uku za ka kai, domin uku ne ke tsayar da da'ira.

Wannan ɗigon na −d/c shi ne kuma ke gaya maka makomar cikin da'ira. In yana waje, ciki ya tafi ciki, kamar yadda 2 ya sauka a 1/2, tsakanin 1/3 da 1. In yana ciki, abin ya kife: 1/z yana mayar da |z| = 2 zuwa |w| = 1/2, amma z = 1 da ke ciki ya tsinci kansa a waje. A taka da'irar, cibiyar 1 ta tsaya a 1, don haka cikinta ya bazu ya cika duk ɓangaren da ke dama da layin u = 1/2.