Yadda ake duba amsoshin ɗalibi daga hoton takardarsa

Tambaya: "Assalamu alaikum malamai. Ina yi wa yara 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare darasin lissafi bayan an tashi daga makaranta. In na ba su aikin gida sai su yi, su ɗauki hoton takardar su turo min ta WhatsApp. Wallahi ina shan wahala wajen dubawa, kuma ko na gyara musu, gobe kuskuren nan suke maimaitawa. Yaya kuke yi?"

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri. Na daɗe ina irin wannan aikin, kuma a ganina matsalar takan fara ne tun daga hoton. Rubutun fensir ba ya fita sosai idan da dare aka ɗauka, sannan inuwar wayar kanta takan rufe alamar ɗebewa ko ɗigon da ke tsakanin lambobi. Sai ki ga 2.5 ta koma 25, ki soke wa yaro amsar da ya ci. Ki kafa musu doka: a ɗauka da rana, a shimfiɗa takardar a ƙasa, waya ta tsaya daidai a samanta, shafin ya fito duka har da tambayoyin. A kuma turo shi ta Document, domin in aka turo a matsayin hoto kawai, manhajar takan rage masa kyau. Inda kika kasa bambance 1 da 7, ko 4 da 9, kada ki yi cinta. Ki nemi inda yaron ya rubuta lambar a wani wuri a shafin ki kwatanta, in abin ya ƙi, ki ce ya karanto miki layin da murya.

Sannan ki yi aikin da kanki a takarda tun kafin ki buɗe nasu. Mai bin rubutun ɗalibi layi-layi ba tare da ya riga ya yi nasa ba, sau da yawa kuskuren yakan ja shi ya wuce bai gani ba.

Maimaita kuskuren da kika ambata kuwa, yawanci daga duba amsar ƙarshe kawai yake zuwa. Abin nema shi ne layin farko da aikin ya kauce. Ɗauki 3(x − 2) = 12, wanda amsarsa 6 ce. Wani yaro zai rubuta 3x − 2 = 12, sai 3x = 14, sai x = 14/3. Wata kuma ta rubuta 3x − 6 = 12, sai 3x = 6, sai x = 2. Dukkansu sun faɗi, amma ciwonsu ba ɗaya ba ne. Shi yaron ya ninka x da 3 ya manta da 2 ɗin da ke cikin baka, amma duk abin da ya biyo baya daidai ya yi shi. Ita kuwa ta buɗe baka lafiya lau, wajen kawar da 6 ne ta ɗebe maimakon ta tara. In kika zabga wa kowa jan kuros kika rubuta 6 a gefe, babu wanda ya san inda ya zame, kwafa kawai za su yi. Ni ina zagaye layin nan guda ɗaya da alƙalamin da ke cikin wayar, in rubuta wa yaron "3 ɗin nan wa da wa take ninkawa?", ita kuma in ce ta mayar da 2 cikin tambayar ta gani. Za ta sami 0, ba 12 ba, ta gane da kanta cewa akwai gyara. Amsar ba na bayarwa sai sun sake turo nasu gyaran, a ƙarƙashin tsohon aikin, ba a goge ba.

Wajen maki ma haka. Masu duba jarabawar WAEC suna ware makin hanya daban da makin amsa, kuma gara yara su saba tun yanzu. In tambayar mai maki uku ce, yaron nan zan ba shi ɗaya saboda hanyar da ya bi bayan kuskuren, yarinyar ma ɗaya saboda buɗe baka.

Wanda ya fi sa ni tsayawa shi ne mai rubuta 6 tsurarta babu aiki, ko wanda layukansa suka karkace amma ƙarshe ya faɗo kan 6. Ba na ce masa ya yi satar amsa, don wasu da ka suke yi. Ina tura masa 4(x − 3) = 8 in ce ya nuna min kowane mataki. In ya kawo 5 da hanya mai kyau, shi ke nan.

Kuma in kuskure iri ɗaya ya fito a takardun yara da dama, ki daina gyara wa ɗaya bayan ɗaya a waya, ki ajiye shi ki buɗe darasin gaba da shi a allo.